Rarraba Doguwar Jimlar Ingilishi Wajen Fassara Zuwa Hausa: Misali Daga Ma'anar "Ɗan Gudun Hijira"

1.0 Gabatarwa

A unguwar Gata'a El Wad da ke birnin Tamanrasset, can kudancin Aljeriya, akwai Hausawa da dama da suka fito daga Nijar, musamman ɓangaren Damagaram da Maraɗi. Mafi yawansu 'yan ci-rani ne da suka ƙetare hamada don neman abin sawa a bakin salati. Harsunan da ake hulɗa da hukuma da su a can Larabci ne da Faransanci, amma ƙungiyoyin duniya masu kula da baƙi suna da takardu da yawa da aka rubuta da Ingilishi. Idan saƙon irin waɗannan takardu zai isa ga Bahaushen da ke wannan unguwa, galibi ta kunne zai isa gare shi, wato wani ya karanta, shi kuma ya saurara. Mai sauraro kuwa ba shi da halin komawa farkon jimla ya sake dubawa.

Wannan takarda ta ɗauki jimla guda ɗaya tak wadda ta shafi irin waɗannan mutane, don nuna wa ɗalibin fassara yadda ake rarraba ta. Jimlar ita ce ma'anar "ɗan gudun hijira" da ke sashe na 1A(2) na Yarjejeniyar Jeniba ta 1951, wadda Nijar ta shiga a 1961, Aljeriya a 1963, Nijeriya kuma a 1967. A Ingilishi jimlar ta kusa kalma 100, kuma babu aya a cikinta sai a ƙarshe. An bar zancen ranar 1 ga Janairu 1951 da ke farkonta, domin ƙarin yarjejeniya na 1967 ya ɗauke wannan iyaka.

2.0 Inda Matsalar Take

Ga yadda rabin farko na jimlar yake fitowa idan ɗalibi ya bi tsarin Ingilishi sau da ƙafa:

(1) Kalmar ɗan gudun hijira za ta shafi duk mutumin da, saboda tsoro mai tushe na a tsananta masa don dalilan launin fata, addini, ƙasar asali, kasancewa cikin wani rukunin jama'a ko ra'ayin siyasa, yake wajen ƙasarsa kuma ba ya iya ko, saboda wannan tsoro, ba ya son neman kariyar wannan ƙasa.

Kalmomin duka Hausa ne, amma ginin ba na Hausa ba ne. Idan aka lura, kalmar "da" ta buɗe ganga dogarau a kan "mutumin", sai dai "yake" da ya kamata ya biyo ta bai iso ba sai bayan kalmomi sama da 20. Hausa ba ta son wannan tazara. Bahaushe kan ce "mutumin da yake waje", yana iya ma saka 'yar kalma irin "kuwa" ko "dai" a tsakani, amma ba ya cusa dogon bayanin dalili a wurin. Haka kuma "ba ya iya ko" ya bar aikatau a rataye, yana jiran abin da zai cike shi, sannan aka sake cusa wani dalilin kafin a kawo cikon. Ingilishin lauyoyi ya saba da haka, domin waƙafi yana riƙe wa mai karatu wurin da aka tsaya. Waƙafi kuwa ba ya fitowa a baki.

3.0 Gano Ƙashin Bayan Jimla

Kafin a yanka komai, sai a cire duk abin da aka cusa tsakanin waƙafi biyu, a ga abin da ya rage. A nan abin da ya rage shi ne: ɗan gudun hijira mutum ne da yake wajen ƙasarsa, kuma ba ya samun kariyarta. Wannan shi ne ƙashin bayan jimlar. Daga nan sai a ɗauki guntayen da aka cire ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowanne da me yake rataye. "Saboda tsoro" na farko yana rataye da zaman mutumin a waje. Dalilan nan biyar suna rataye da tsanantawar da ake tsoro. "Saboda wannan tsoro" na biyu kuma yana rataye da "ba ya so" kaɗai, bai shafi "ba ya iya" ba. Ana iya rubuta tsarin kamar lissafi:

A saboda B (B don 1, 2, 3, 4 ko 5), kuma [C ko (D saboda B)]

Ɗalibin da bai fitar da wannan taswira ba, yanka kawai zai yi duk inda ya ga waƙafi, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Dubi wannan yunƙuri, irin wanda ake yawan gani a takardun jarrabawa:

(2) Ɗan gudun hijira shi ne mutumin da yake wajen ƙasarsa. Yana jin tsoron a tsananta masa. Ana tsananta wa mutane saboda launin fata da addini da ƙasar asali da rukuninsu da siyasa. Ba ya iya neman kariyar ƙasarsa. Ba ya so ya nema.

Wannan ya fi na (1) daɗin ji nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa ya fi shi haɗari. Jimlar farko ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar ma'ana. Duk wanda ya ji ta a Gata'a El Wad, birkila ne ko mai wankin takalmi, zai ce ai ni ne wannan, tunda yana wajen ƙasarsa. Alhali yarjejeniyar ba ta ɗauki wanda talauci ko fari kaɗai ya fito da shi a matsayin ɗan gudun hijira ba. Mutum yana iya gina fata a kan matsayin da ba zai samu ba, duk a dalilin aya guda da mai fassara ya sa kafin lokacinta. Abin da ya faru shi ne, a Ingilishi tsoron sharaɗi ne, amma da aka ware shi ya zama jimla mai zaman kanta, sai ya koma labari kawai game da halin mutumin.

Akwai wasu kurakurai biyu a ciki. "Ko" na jerin dalilai ya rikiɗe ya zama "da", wanda ke sa a ɗauka sai dalilan biyar sun taru a kan mutum, bayan kuwa ɗaya ya isa. Sannan jimloli biyu na ƙarshe sun tsaya a jere ba mahaɗi, Bahaushe kuwa yakan fahimci irin wannan jeri a matsayin abubuwan da suka faru duka, ba zaɓi ba.

4.0 Sake Ɗinkewa

Duk inda aka yanka, dole a mayar da dangantakar da aka tsinka ta hanyar wata kalma. Hausa tana da dabarar da ta dace da jimlolin sharaɗi: a fara sanar da yawan sharuɗɗan, sannan a kawo su. Wannan sanarwa ita ke hana mai sauraro ɗaukar jimlar farko a matsayin ƙarshen magana.

(3) Ba a kiran mutum ɗan gudun hijira sai ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, ya kasance yana wajen ƙasarsa. Na biyu, ya zama tsoron tsanantawa ne ya sa yake waje, kuma tsoron yana da tushe. Ita tsanantawar kuwa, dole ta kasance saboda ɗaya daga cikin abubuwa biyar: launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko rukunin jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Na uku, ya kasance ba shi da halin samun kariyar ƙasarsa, ko kuma wannan tsoron ya hana shi yarda ya nemi kariyar.

Ba a sami "sharuɗɗa uku" a Ingilishin ba, kuma wasu malamai kan yi jan ido a kan irin wannan ƙari. Amma abin da aka ƙara ba ma'ana ba ce, tsarin da nahawun Ingilishi ya riƙe ne aka furta shi a fili. "Ya kasance" da "ya zama" su ke tabbatar da cewa kowace jimla sharaɗi ce. An maimaita suna, "ita tsanantawar kuwa", maimakon wakilin suna, domin "ita" kaɗai tana iya komawa ga "ƙasa", tunda dukansu jinsin mace ne. An kuma maimaita "ko" gaban kowane dalili, yadda Bahaushe yake yi idan yana lissafa zaɓi.

Wani abu da ɗalibai ke mantawa shi ne lamirin lokaci. A cikin ganga dogarau ana cewa "mutumin da yake waje" ko "mutanen da suka gudu". Da zarar gangar ta fita ta zama jimla, sai a ce "yana waje", "sun gudu". Idan aka ga jimla kamar "Yake wajen ƙasarsa" a takardar ɗalibi, to alama ce ta cewa yanka kawai ya yi bai sake gini ba. A misali na (3), "yake" ya ci gaba da zama a "tsoron tsanantawa ne ya sa yake waje", domin an gabatar da dalilin ne don ƙarfafawa, kuma wannan gini yana tafiya da irin wannan lamiri.

5.0 Rabi na Biyu

Bayan waƙafi mai ɗigo, jimlar ta ci gaba da maganar wanda ba shi da ƙasa ko ɗaya, yana wajen ƙasar da ya saba zama, kuma ba ya iya komawa ko tsoro ya hana shi. A nan rarrabawa tana tilasta wa mai fassara yanke hukuncin da Ingilishin ya bari a lulluɓe: shin sharaɗin tsoro da ke farkon jimla ya ƙetare wannan alama ya shafi marar ƙasa, ko kuwa rashin iya komawa kaɗai ya ishe shi? Maganar ta kai har gaban alƙalai. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa rashin ƙasa kaɗai bai isa ba, sai da tsoro mai tushe, kuma wannan ce fahimtar da ta fi rinjaye. Saboda haka bai kamata a fara sabuwar jimla da "Haka kuma duk wanda ba shi da ƙasa" kamar sabon rukuni ne mai zaman kansa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaure shi da abin da ya gabata:

(4) Idan kuwa mutumin ba shi da ƙasa ko ɗaya, sharaɗin tsoro yana nan yadda yake. Sai dai a maimakon ƙasarsa, za a dubi ƙasar da ya saba zama: yana wajenta, kuma ba shi da halin komawa, ko tsoron ya hana shi yarda ya koma.

Irin wannan fassara ta dace da takardar wayar da kai ko bayani na baka. Idan kuwa matanin doka ne ake so a ajiye don kotu, mai fassara ba shi da hurumin warware abin da lauyoyi ke jayayya a kai, sai ya tsaya kusa da lafazin asali, ya sa bayaninsa daban a ƙasan shafi.

Hanyar gwada (3) da (4) ita ce a karanta wa wanda bai san Ingilishin ba sau ɗaya, sannan a ba shi misali: mutum ya bar Matamai saboda damina ba ta yi kyau ba, yana aikin gini a Tamanrasset, shin ya shiga cikin wannan ma'ana? Idan ya ce e, sai a koma a binciki ayar da ta raba sharaɗi na farko da na biyu.