Yadda Ake Jera Littattafan Darasi Mako-Mako Da Manhajar Zotero

A farkon zangon karatu, malamin jami'a kan raba wa ɗalibai jerin littattafan da za su karanta. Sau da yawa jerin a cakuɗe yake: wani littafi an fara da sunan marubuci, wani da take, wani ko shekara babu. Gyaransa aiki biyu ne da bai kamata a haɗa ba. Na farko shi ne shigar da bayanin kowane littafi sau ɗaya tak, na biyu kuma raba su bisa makonni. Manhajar Zotero, wadda ake saukewa kyauta a kwamfuta, tana yin duka biyun.

A ɗauki misalin darasin tarihin ƙasar Hausa na mako 12 a Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, inda malami ya ba da littattafai 30.

Shigar da littattafai

A saman manhajar akwai maɓallin Add Item(s) by Identifier. Idan aka rubuta lambar ISBN ta littafi ko DOI ta maƙala, manhajar za ta nemo bayanan da kanta ta intanet. Sai dai tsofaffin bugu ba su da wannan lamba. Bugun farko na Government in Zazzau na M. G. Smith ya fito a 1960, kafin a fara amfani da ISBN. Irin wannan sai an shigar da hannu ta New Item, a zaɓi Book, a kwafi bayanan daga shafin take na littafin kansa, ba daga takardar malami ba. Wanda littafin bai zo hannunsa ba zai iya nemansa a laburaren jami'a ko na Gidan Arewa da ke titin Rabah.

Sunaye da take

Nan ne aka fi yin kuskure. Gurbin marubuci gida biyu ne. Ga Yusufu Bala Usman, wanda ya wallafa littafinsa kan tarihin Katsina a 1981, Usman ne zai shiga gidan farko, Yusufu Bala a na biyu, sai ya fito Usman, Y. B. Idan aka zuba sunan duka a gida ɗaya, zai fito da tsawonsa, ya kuma faɗa ƙarƙashin harafin Y maimakon U.

Take ma yana da ƙa'ida. Salon APA bugu na 7 yana son babban baƙi a kalmar farko ta take da ta ƙaramin take, da kuma sunayen yanka, kuma ba ya sa garin da aka buga littafi. A danna dama a kan take, a zaɓi Sentence case. Amma manhajar ba ta gane sunan gari ko na al'umma, don haka za ta ƙanƙantar da su, sai a gyara da hannu. Littafin Mahdi Adamu zai fito haka, da takensa a karkace:

```
Adamu, M. (1978). The Hausa factor in West African history. Ahmadu Bello University Press.
```

Raba makonni

A buɗe New Collection da sunan darasin, sannan a yi New Subcollection guda 12 a ƙarƙashinsa. A sa musu suna Mako 01, Mako 02, har Mako 12. Sifilin yana da amfani, domin wasu manhajoji na sa Mako 10 gaba da Mako 2 idan babu shi.

Daga nan sai a riƙa jan kowane littafi zuwa makonsa bisa jadawalin malami. Idan za a karanta littafin Adamu a mako na 3 da na 7, a ja shi zuwa duka biyun. Ba kwafi biyu ba ne, don haka gyara ɗaya ya wadatar. Idan malami ya canja mako, a cire littafin daga tsohon makon kawai. Jefa shi a Trash zai ɗauke shi daga dukkan makonni.

Fitar da jerin

Salon APA yana jera komai bisa haruffan sunayen marubuta. Idan aka fitar da littattafai 30 a lokaci ɗaya, tsarin makonni ya rushe. Saboda haka a bi mako-mako: a danna dama a kan Mako 01, a zaɓi Create Bibliography from Collection, a zaɓi salon APA, sannan Copy to Clipboard, a liƙa a Word ƙarƙashin kan makon. Shafukan da za a karanta a kowane mako ba sa cikin bayanin littafi, sai a rubuta su da hannu a layi na ƙasa.

Kafin a tura wa 'yan aji, a duba abu biyu. Inda aka ga (n.d.), ba a cika gurbin shekara ba. Inda littafi ɗaya ya fito da siffa biyu, an shigar da shi sau biyu, sai a buɗe Duplicate Items a haɗe su wuri ɗaya.