Gudawar Kwalara: Gane Ta da Taimakon Farko

Gudawar kwalara tsinkakkiya ce kamar ruwan wankin shinkafa, fari-fari da ɗan tsaki-tsaki a ciki, wani lokaci tana ƙarni irin na kifi. Takan zo farat ɗaya, tana zuba babu yunƙuri, galibi ba zazzaɓi ba murɗar ciki, sannan amai ya biyo baya. Rashin zafin ciwon ne yake yaudarar iyali har a ce bari a ga wayewar gari, alhali babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya cikin awa guda. Idan ana annobar amai da gudawa a gari, duk gudawa irin wannan kwalara ce har sai likita ya ce ba ita ba.

Ƙarewar ruwan jiki ce take kisa, don haka mayar da ruwan ake farawa da shi tun a gida. Ana zuba ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu, sai a haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗayan, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishiri in ya yi yawa yana cutarwa, musamman ga yara. Abin da ya kai awa 24 zubarwa ake yi.

Yawan abin da ake buƙata ya wuce yadda akasari ake zato. Magidanci mai nauyin kilo 60 da idanunsa suka fara faɗawa, ƙishirwa ta dame shi, yana buƙatar kimanin lita huɗu da rabi cikin awa huɗu, leda tara ke nan, ban da abin da zai sha bayan kowace fita. Kurɓa yake yi a kai a kai. In ya yi amai a dakata minti goma, a ci gaba a hankali. Ƙaramin yaro da cokali ake ba shi, mai shan nono kuma ba a janye masa nonon.

Duk wannan ana yinsa ne ana shirin tafiya asibiti, kuma ana ci gaba da shi a kan hanya. Idan fitsari ya ɗauke, murya ta dushe, ko aka tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba, lamarin ya yi tsanani. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya ba a yi masa ɗura. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi a yi masa ƙarin ruwa.

Filajil da maganin tsayar da gudawa na kemis ba sa mayar da ruwan da ya zube, lemon kwalba kuwa ƙara gudawar yake yi. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu bayan taɓa bayan gida ko amai. Idan an samu kulawa da wuri, waɗanda kwalara take kashewa ba sa kai ɗaya cikin ɗari.