Hayar Da Ta Zama Bashi: Yadda Ƙa'idar IFRS 16 Ke Lissafa Sito Ɗaya

Sir David Tweedie, wanda ya shugabanci hukumar IASB mai tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, ya sha faɗa cewa burinsa shi ne wata rana ya hau jirgin sama da ke rubuce a littafin kamfanin da ke jigila da shi. Akwai gaskiya mai ɗaci a maganar. A ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida, IAS 17, kamfani zai iya ɗaukar jirgi haya na shekara goma, ya ɗaure kansa da biyan da ba shi da hanyar kauce masa, amma wanda ya buɗe takardar kadara da bashi ta kamfanin ba zai ga jirgin ba, ba zai kuma ga bashin ba. Kuɗin hayar shekara kawai ake cirewa daga riba, sauran a tura can cikin bayanan ƙarshen rahoto. Hukumar ta ƙiyasta cewa kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari na ɗauke da alkawuran haya na kimanin dala tiriliyan 3.3, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari ba sa bayyana a takardar. Domin toshe wannan kafa ne ta fitar da IFRS 16 a watan Janairun 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Tun da kamfanonin kasuwar hannun jarin Najeriya sun koma bin IFRS daga 2012, ta hau kansu su ma.

Tunanin da ke ƙarƙashinta ba shi da wuya. Ranar da mai gida ya miƙa maka makulli, ka samu abu biyu lokaci guda: haƙƙin amfani da wurin har zuwa ƙarshen wa'adi, da kuma nauyin biyan kuɗin da ka sa wa hannu. Na farko kadara ce, ita ake kira kadarar haƙƙin amfani. Na biyu bashi ne, bashin haya. Ginin na mai shi ne, abin da ɗan haya ke rubutawa a littafinsa haƙƙin zama ne kawai. Sharaɗin shi ne yarjejeniyar ta shafi takamaiman abu da ɗan haya ke juya shi yadda yake so, yake kuma cin kusan dukkan amfaninsa. Idan mai sito na iya mayar da kayanka wani ɓangare duk lokacin da ya ga dama don amfanin kansa, to hidimar ajiya ka saya, ba haya ba. An kuma ba da rangwame ga hayar da ba ta wuce wata 12 ba, da ta ƙananan kaya irin kwamfutar hannu ko kujerun ofis, waɗanda hukumar ta yi la'akari da darajar kusan dala 5,000 a sabuntarsu.

Mu ɗauki misali. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya kama sito a Kano na shekara biyar, a kan naira miliyan 10 duk shekara, ana biya a farkon shekara kamar yadda aka saba a nan. Ya biya dillali da lauya miliyan 1.1 kafin yarjejeniya ta ƙullu.

Akanta zai fara ne da bashin, kuma abin da ba a biya ba kaɗai ke shiga cikinsa. An riga an ba mai sito miliyan 10 na farko ranar karɓar makulli, saura biya huɗu ke nan. Ba za a rubuta miliyan 40 ba, domin miliyan 10 da za ka biya bayan shekara huɗu ba ta kai nauyin ta yau ba. Sai a dawo da kowane biya zuwa darajarsa ta yau da wani kaso na kuɗin ruwa. Ƙa'idar ta ce a yi amfani da kason da ke ƙunshe cikin hayar kanta idan ana iya gano shi cikin sauƙi. A hayar gini da wuya a iya, don ɗan haya bai san abin da mai gida ke tsammanin ginin zai kai a ƙarshe ba. Saboda haka ake komawa ga kason da kamfanin zai biya da a ce rance ya ci na irin wannan adadi, na irin wannan wa'adi, da irin wannan jingina. A ce ya kama kashi 20 cikin ɗari. Biyan da ke tafe bayan shekara ɗaya darajarsa a yau miliyan 8.33, na bayansa 6.94, sai 5.79, na ƙarshe 4.82. Jimla ta tashi kusan miliyan 25.9. A manhajar Excel layi ɗaya ne:

```
=PV(20%,4,-10)
```

Daga bashin ake gina kadarar. A ɗauki 25.9, a ƙara miliyan 10 da aka biya tun farko, a ƙara 1.1 na dillali da lauya, an samu miliyan 37. Da mai sito ya ba da wani ihsani don jawo ɗan haya, sai a cire shi. Da kuma yarjejeniya ta wajabta a rushe gyare-gyare a mayar da wurin yadda aka same shi, sai a ƙara ƙiyasin kuɗin wannan aiki. Wannan ne ya sa a rahoton kamfanonin ƙasar nan za ka tarar da kadarar haƙƙin amfani babba, bashin haya kuwa ɗan kaɗan. Inda aka biya kuɗin shekara biyu a dunƙule kuma wa'adin ke nan gaba ɗaya, bashin na iya zama babu. Wannan ba alamar ha'inci ba ce, al'adar biya kafin shiga ce ta bayyana a littafi.

Daga rana ta farko kuma kowanne ya kama hanyarsa. Kadarar ana rage darajarta daidai-wa-daida, miliyan 37 raba biyar, wato 7.4 kowace shekara. Bashin shi kuwa yana tara ruwa a kan abin da ya rage. A shekarar farko, kashi 20 na 25.9 ya ba da kusan miliyan 5.2, bashin ya hau zuwa 31.1, a biya 10 a farkon shekara ta biyu ya sauko 21.1. Ruwan shekara ta biyu 4.2, na ta uku 3.1, na ta huɗu 1.7, a ta biyar babu ko kwabo tun da an gama biya. Ga mai damuwa da riba a addinance, yana da kyau a san cewa mai sito bai karɓi komai ba sama da miliyan 10 ɗinsa. Ruwan nan rabon lissafi ne a cikin kuɗin hayar, ba ƙari ne da aka ba wani ba.

Abin da ya fi ruɗa masu hannun jari shi ne yadda wannan ke taɓa riba. A shekarar farko abin da aka cire ya kai miliyan 12.6, wato 7.4 da 5.2, alhali hayar da aka biya 10 ce. A shekara ta biyar 7.4 kawai za a cire. Idan aka haɗa shekarun biyar, jimlar miliyan 51.1 ce, daidai da kuɗin da suka fita daga aljihu, sai dai an karkata nauyin zuwa farko. Kamfanin da ke buɗe sababbin rassa zai ga ribarsa ta matse fiye da yadda kasuwarsa ta nuna, wanda hayarsa ta tsufa kuma zai ga tasa ta faɗaɗa ba tare da ya sayar da ƙarin katan ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, ribar da ake aunawa kafin cire ruwa, haraji da ragin daraja, wadda rahotanni ke rubutawa EBITDA, tana tashi sama, domin kuɗin haya ya bar cikinta gaba ɗaya. Duk wanda ya kwatanta wannan adadi na 2018 da na 2019 bai gyara ba, zai yaba wa manajoji a kan aikin da ba su yi ba. Shi ma bankin da ya gindaya wa kamfani iyakar bashin da zai iya ɗauka dole ya fayyace ko bashin haya na ciki.

A ganina, ba lissafin ne wurin haɗari ba, hukunci biyu da ke gabansa ne. Na farko kason ruwa. Da akantan ya ɗauki kashi 12 maimakon 20, bashin zai zama miliyan 30.4. Wato kaso mai yawa na ƙanƙantar da bashi, kuma kamfanin da ke son littafinsa ya yi haske ya san haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kaso ɗaya a shafa wa kowace haya, ta shekara biyu da ta shekara goma sha biyar, ta naira da ta dala, ko reshe ya ari kason uwar kamfani da ke ƙasar waje inda rance ke da araha.

Na biyu shi ne wa'adi, kuma ya fi na farko santsi. Yarjejeniyoyi da yawa kan ce shekara biyu, tare da damar sabuntawa. Ƙa'idar ta ce a haɗa shekarun sabuntawar idan akwai tabbaci mai ƙarfi cewa ɗan haya zai yi amfani da damar. Ba a tambayar manaja abin da ke ransa, ana duba abin da kuɗi ke faɗa. Kamfanin da ya zuba miliyoyi ya gina ɗakin sanyi a cikin siton, wanda zai yi shekara goma yana aiki, ba zai iya cewa zai kwashe bayan shekara biyu ba. Mai binciken asusu na da hanya mai sauƙi ta kama wannan: ya duba shekarun da aka raba kuɗin gyaran a kansu, ya gwada da wa'adin hayar. Idan gyara na shekara goma ne, haya kuma ta shekara biyu, akwai tambayar da sai an amsa. Amma fa sai damar sabuntawar ta zama haƙƙi da ake iya tilastawa. Idan mai gida na iya cewa a'a ba tare da wata asara ta a-zo-a-gani ba, shi ma ɗan haya haka, wa'adin ya tsaya a nan.

Ragowar matsalar ita ce hayar da aka ƙulla da kuɗin waje, irin ta jiragen sama. Ƙa'idar IAS 21 na ɗaukar bashin haya a matsayin kuɗi da za a biya, don haka ana sake auna shi da canjin ranar rufe littafi, bambancin kuma ya faɗa kan riba kai-tsaye. Kadarar kuwa tana nan a canjin ranar da aka fara. Lokacin da naira ta faɗi bayan sakin farashin canji a watan Yunin 2023, duk kamfanin da ke da bashin haya na dala ya ga bashin ya kumbura a naira, kadarar da ke gefensa ba ta motsa ba, asarar biyan shekaru masu zuwa ta sauka a rahoton shekara guda. Mai karanta irin wannan rahoto ya kamata ya wuce shafin farko, ya nemi bayanin haya a ƙarshe, ya duba kason ruwan da aka ɗauka idan an bayyana shi, jadawalin lokutan biya, da kuma ko nawa ne daga bashin ba na naira ba.