Daidaita Lokutan Aikatau a Gajeriyar Wasiƙar Imel

Wasiƙar imel da ɗalibi ke aika wa malaminsa ba ta cika wuce sakin layi ɗaya ba. A cikin wannan ɗan fili yakan faɗi abin da ya riga ya yi, da halin da ake ciki, da abin da zai yi nan gaba. A nan ne lokutan aikatau kan cakuɗe, har mai karatu ya kasa bambance aikin da aka gama da wanda ba a fara ba. Ga misalin da za mu yi aiki da shi, saƙon wani ɗalibi da ya fita tattara tatsuniyoyi:

"Malam, barka da aiki. Ranar Litinin mun je ƙauyen, muka gana da mai gari, ya haɗa mu da tsofaffi 4, mun ɗauki tatsuniyoyi 12, ina rubuta su, na'urar ɗaukar magana ta lalace, ranar Alhamis za mu koma, mun ɗauki sauran, muka aiko maka idan shugaban sashe zai sa hannu a takardar kuɗin mota."

Kowace gaɓa a nan Hausa ce idan aka ware ta ita kaɗai. Amma malamin da ya karanta "mun ɗauki sauran" yana iya zaton an kammala aikin, ya ƙi bin sawun takardar kuɗin, tafiyar Alhamis kuma ta fasu.

Kafin gyara, ya kamata a tuna cewa a Hausa aikatau ba ya ɗauke da alamar lokaci a jikinsa. Alamar tana tare da wakilin sunan da ke gabansa: mun, muka, muna, za mu, mu. Sannan waɗannan sigogi sun fi nuna ko aiki ya kammala ko yana gudana, ba ranar da ya faru ba. Ranar kuwa daga kalmomi irin su jiya, yanzu, gobe ake gane ta, ko daga jimlar da ta gabata. Don haka matakin farko shi ne a raba saƙon kashi uku, a sa wa kowane kashi kalmar da za ta kafa lokacinsa.

A kashi na farko, ɗalibin ya buɗe da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya (mun je), ya shiga na biyu (muka gana), sannan ya sake komawa na ɗaya (mun ɗauki). Idan ana ba da labarin abubuwa bi da bi, ana iya buɗewa da na ɗaya, amma da zarar an shiga jerin sai a riƙe na biyu har ƙarshensa: mun je, muka gana, ya haɗa mu, muka ɗauki. Akwai wata hanyar, wato a jera su duka da na ɗaya: mun je, mun gana, mun ɗauki. Wannan ya dace da rahoton da ke ƙirga ayyukan da aka cim ma, ba tare da damuwa da wanda ya riga wani ba. Duka biyun daidai ne. Tsalle tsakaninsu ba dalili shi ne kuskure.

To, "ya haɗa mu" fa, wane lokaci ne? Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "ya" ɗaya kan tsaya wa siga fiye da ɗaya. Da dogon wasali shuɗaɗɗe na ɗaya ne, da gajeren wasali da karin sama shuɗaɗɗe na biyu ne, da gajeren wasali da karin ƙasa kuwa umartau ne. Dabarar gane wanda ake nufi ita ce a mayar da shi jam'i, domin a can sigogin sun bambanta ko a rubuce: sun haɗa, suka haɗa, su haɗa. A jimlarmu "suka haɗa mu" ne ya zauna, ashe na biyu ne, bai karya jerin ba. Wannan gwaji yana da amfani ga "ta" da "ka" ma.

Kashi na biyu ya fi wuyar ganewa, domin babu kalmar da za a nuna a ce ga kuskure. Lokaci mai ci ba shi da rana tasa, yana aron ta daga abin da ke kewaye da shi. Tunda "ina rubuta su" ya biyo bayan labarin Litinin, kuma "ta lalace" na biye da shi, mai karatu zai fahimci cewa ana cikin rubutun ne na'urar ta lalace, kamar an ce "ina rubuta su sai ta lalace". Ɗalibin kuwa yana nufin aikin da ke hannunsa a yau. Maganin shi ne aya da sabuwar jimla mai farawa da "yanzu haka". Kada kuma a taɓa "ta lalace". Siffarsa ta shuɗaɗɗe ce, amma yana bayyana halin da ake ciki, kamar yadda ake cewa na gaji, na sani, kuɗin sun ƙare. Wanda ya mayar da shi "tana lalacewa" don ya yi daidai da "ina rubuta" ya sauya ma'ana, ya ce lalacewar ba ta ƙarasa ba.

A kashi na uku, ƙa'idar ita ce "za" sau ɗaya ya isa. Ayyukan da ke biye a jeri umartau suke ɗauka: za mu koma, mu ɗauki sauran, mu aiko. Ga mutum ɗaya: zan koma, in ɗauki sauran, in aiko. Maimaita "za mu" a kowace gaɓa bai saɓa nahawu ba, sai dai yana raba ayyukan kamar ba su da alaƙa da juna.

Saura gaɓar "idan". Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci sukan sa lokaci na gaba a nan, saboda wannan harshe yana yin haka bayan kalmarsa mai ma'anar "sa'ad da". A Hausa, sharaɗin da dole ya cika kafin wani abu ya faru shuɗaɗɗe yake ɗauka, ko da gobe ake magana: idan ya sa hannu (a jam'i, idan sun sa, ko idan suka sa). "Idan zai sa hannu" yana nufin idan yana da niyya ko yana shirin sawa, alhali kuɗi ba sa fita da niyya. Haka "kafin" yake jan umartau ko a labarin jiya: mun gama kafin su iso.

Ga saƙon bayan gyara:

"Malam, barka da aiki. Ranar Litinin mun je ƙauyen, muka gana da mai gari, ya haɗa mu da tsofaffi 4, muka ɗauki tatsuniyoyi 12. Yanzu haka ina rubuta su. Na'urar ɗaukar magana kuwa ta lalace, tana wurin mai gyara. Idan shugaban sashe ya sa hannu a takardar kuɗin mota, ranar Alhamis za mu koma, mu ɗauki sauran, mu aiko maka. Har yanzu dai bai sa ba. Na gode."

A lura an dawo da sharaɗin gaban jimlarsa, domin tafiyar ce ta dogara da shi, ba aikowar kaɗai ba. An kuma ƙara "har yanzu dai bai sa ba", tunda wannan shi ne abin da malamin zai tashi a kansa.

Aikin gida: a gyara wannan, a faɗi dalilin kowane gyara. "Hajiya, jiya mun karɓi littattafai 30, muka ƙirga su, mun tarar 2 sun yage, muna jiran mai shagon, gobe zan kai masa su, na karɓo wasu idan zai buɗe da wuri."