Wutsiyar da Ake Ɗaura wa Adireshin Intanet

A ce wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari tana da shafin intanet. Ana saura mako biyu Ƙaramar Sallah, sai ta shirya tallace-tallace goma a manhajar Buffer, ta sa wa kowanne ranar fitarsa, ta koma harkar shagonta. Tallan na fita da kansu a Facebook, mutane na shigowa shafinta. To, wanne ne daga cikin goman ya kawo su?

Google Analytics zai iya gaya mata cewa baƙo daga Facebook ya fito, amma ba zai nuna mata tallan da ya latsa ba. Maganin shi ne ta ɗaura wa kowane adireshi 'yar wutsiya kafin ta saka shi a layi:

```
https://example.com/atamfa?utm_source=facebook&utm_medium=social&utm_campaign=sallah&utm_content=talla3
```

Duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya ba ya canza shafin da zai buɗe. Shaida ce kawai, kamar tambarin da ake yi wa buhu a san mai shi. `utm_source` na faɗin dandalin, `utm_medium` irin hanyar, `utm_campaign` kuma sunan kakar tallan. Na ƙarshen, `utm_content`, shi ne abin da take nema, domin shi ke bambanta talla na uku da na bakwai. Sunan UTM ya samo asali ne daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a 2005.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen rubutu. Idan yau ta rubuta `facebook`, gobe yaron shagonta ya rubuta `Facebook`, rahoton zai raba su gida biyu, ta ga kamar baƙi sun ragu alhali suna nan. Gara ta tsaya kan ƙananan haruffa, ta ajiye sunayen a wuri guda. Kafin ta saki tallan kuma, ta latsa adireshin da kanta, ta duba ko wutsiyar na nan bayan shafin ya buɗe, don wasu shafukan kan yar da ita idan suka tura baƙo wani adireshin. Sannan ta leƙa rahoton Realtime ta ga ko ziyarar tata ta fito.

Akwai iyakar da nake ganin ya kamata ta sani tun da wuri. Wutsiyar tana faɗin inda aka fara saka adireshin ne, ba inda aka latsa shi ba. Idan wata ta kwafe talla na uku ta jefa a zauren WhatsApp na ƙawayen amarya, mata talatin suka shiga, dukkansu Facebook za a rubuta wa. Tallan dai nasa ne ladan, amma dandalin ya ci bulus. In ta ga wani talla ya kawo baƙi fiye da latsawar da Facebook ya ƙirga masa, ta fara zargin haka.