Rabin sakan da ke gyara sakamakon bincike

A ce wata ƙungiya ta tara gutsattsarin rubutu miliyan ɗaya kan harkar noma, ta buɗe wa manoma manhajar bincike a waya. Wani ya rubuta: "Yaushe ake zuba wa masara taki na biyu?" Yana so ya ga amsar a saman allo kafin ya ƙosa. Injin kuwa ba shi da lokacin karanta rubutu miliyan ɗaya, don haka akan raba aikin gida biyu.

Matakin farko na gaggawa ne. Tsohuwar dabarar da har yanzu ake ji da ita sunanta BM25, wadda ta samo asali daga aikin Stephen Robertson da abokan aikinsa a Landan cikin shekarun 1990. Ita kalmomi take ƙirgawa: sau nawa "masara" da "taki" suka fito a rubutu, kuma yaya ƙarancinsu yake a sauran rubuce-rubucen. Akwai sabuwar hanya kuma, inda ake mayar da kowane rubutu jerin lambobi masu wakiltar ma'anarsa, a adana, sannan a kwatanta su da lambobin tambaya. Sirrin saurin hanyoyin biyu ɗaya ne: an gama aikin da ya shafi rubuce-rubucen tun kafin kowa ya yi tambaya. Cikin 'yan milisakan, wato kashi-kashi cikin dubu na sakan ɗaya, sai a tsamo guda ɗari da suka fi kama da abin da ake nema.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Cikin ɗarin nan, wanda ya zo na ɗaya yana iya zama rahoton farashi, inda aka ambaci masara da taki sau goma-goma ba tare da an faɗi ranar zubawa ba. Amsar gaskiya kuwa tana can a lamba ta 37: wani ɗan sakin layi da ya ce a ƙara wa masara yuriya makonni huɗu zuwa shida bayan shuka. Bai ce "na biyu" ba, bai ma ce "taki" ba. Manomi ba zai gangara har lamba ta 37 ba.

Nan ne mataki na biyu yake shigowa, wanda masana ke kira kuros-enkoda. Shi haɗa tambaya da rubutu yake yi su zama jimla guda mai tsawo, ya karanta su tare, kowace kalmar tambaya tana duban kowace kalmar rubutun. Ta haka yake gane cewa "yaushe" ta haɗu da "makonni huɗu zuwa shida", kuma yuriya taki ce. A ƙarshe ya ba da maki ɗaya tak. Ya sake ɗaukar rubutu na gaba, ya yi masa haka, har ya gama ɗarin, sannan a sake jera su bisa makin. Na 37 sai ya dawo na ɗaya. Abin kamar ɗaukar ma'aikata ne: a fara tace takardun masu nema da sauri, sannan a kira kaɗan a zauna da kowa ido da ido.

An ga ƙarfin wannan hanya a 2019, lokacin da Rodrigo Nogueira da Kyunghyun Cho suka ɗauki BERT, wanda Google ya fitar a 2018, suka sa shi sake jera rubutu dubu da BM25 ya tsamo wa kowace tambaya. Sun gwada a kan MS MARCO, tarin kamfanin Microsoft mai gutsattsarin rubutu kusan miliyan 8.8. Makin da ke auna kusancin amsar gaskiya da saman jeri ya ninka fiye da sau biyu.

To me ya hana a ba shi aikin duka? Ba ya iya shirya komai tun da wuri, domin sai tambaya ta iso yake da abin haɗawa. Mu ƙaddara cewa a injin ƙungiyar nan, auna tambaya da rubutu ɗaya yana cin milisakan biyar. Rubutu ɗari rabin sakan ke nan. Dubu, sakan biyar. Miliyan ɗayan gaba ɗaya, awa ɗaya da minti 23 a kan tambaya guda. Idan matakin farko ya gama a milisakan 30, to kusan duk jiran da manomi ya yi, mataki na biyu ne ya ci shi.

Rabin sakan ba ya ba da tsoro sai jama'a sun taru. Injin da ke ɗaukar rabin sakan kan kowace tambaya, biyu kawai yake sallama a sakan. Idan damina ta faɗi, tambaya goma tana shigowa kowane sakan, layi zai yi ta tsawo, har wani ya jira minti guda a kan aikin rabin sakan. Shi ya sa duba matsakaicin lokaci kaɗai yake ruɗar mutum. A riƙa duba lokacin da mutum ɗaya mafi jinkiri cikin kowane ɗari ya jira, domin a can matsalar take fara bayyana.

Tsawon rubutu ma yana da nasa kuɗin. BERT ba ya karɓar fiye da gutsuren kalma 512 a lokaci guda, tambaya da rubutu a haɗe, abin da ya wuce haka yankewa ake yi. Kuma tunda kowane gutsure yana duban kowane, ninka tsawon rubutu yana ninka wannan ɓangaren aikin sau huɗu. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Samfurin da aka horar da Turanci bai saba da kalmominmu ba, sai ya daddatsa su gutsure da yawa, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ. Sakin layin Hausa sai ya fi takwaransa na Turanci cin lokaci, ya fi shi saurin kaiwa iyaka, kuma makin da za a ba shi ba lallai ya zama abin dogaro ba.

Hanyoyin rage jinkirin sanannu ne. Ana amfani da ƙaramin samfuri irin MiniLM mai hawa shida maimakon BERT mai hawa 12 ko 24, ana tura rubuce-rubucen rukuni-rukuni zuwa na'urar GPU da ke lissafi da yawa a lokaci ɗaya, ana adana amsar tambayoyin da ake yawan maimaitawa. Akwai kuma ColBERT na Omar Khattab da Matei Zaharia a 2020, wanda ke shirya lambobin kowace kalmar rubutu tun da wuri, ya sami sauri amma ya ci wurin ajiya mai yawa.

Mafi sauƙin duka shi ne rage adadin da ake aunawa, kuma a nan ne na fi ganin haɗari. Idan aka sauko daga ɗari zuwa 20, jira ya koma kashi ɗaya cikin goma na sakan, kowa ya yi murna. Amma sakin layin yuriya yana lamba ta 37, yanzu ba za a taɓa kai shi gaban mai aunawa ba. Kuros-enkoda zai jera ashirin ɗin da kyau, ya ɗora mafi dama-dama a sama, manomi ya karanta farashin buhu, ba wanda zai san an yi asara.

Maganin wannan aunawa ce. A tattara ainihin tambayoyin manoma ko da ɗari biyu ne, a sa malamin gona ya nuna amsar kowace, sannan a ƙirga sau nawa amsar take shiga cikin 20 na farko, da 50, da ɗari. Inda ƙarin adadi ya daina kawo ƙarin amsoshi, nan za a tsaya. Idan kuwa ko a cikin ɗari amsar ba ta yawan shigowa, to matakin farko ne ke da ciwo, shi za a gyara kafin a kashe ko sisi wajen sayen GPU.