Me Ya Sa Ake Cakuɗa wa Ɗaliban Injiniya Tambayoyin Lissafi?

Yawancin littattafan lissafin injiniya tsarinsu ɗaya ne. A koyar da hanya guda, a jero tambayoyi ashirin da duk da ita ake warware su, sannan a wuce babi na gaba. Ɗalibi kan tashi daga irin wannan aiki yana jin ya ƙware. Ranar jarrabawa kuwa, tambaya ba ta zuwa da sunan babinta a goshi, kamar yadda mota ba ta shiga garejin bakanike da takardar da ke faɗin abin da ya lalace a jikinta.

A shekarar 2007, Doug Rohrer da Kelli Taylor na Jami'ar Kudancin Florida a Amurka sun gwada wannan. Sun koya wa ɗaliban jami'a yadda ake lissafa girman cikin wasu siffofi huɗu. Rukuni ɗaya ya yi atisayen kowace siffa a jere, ɗayan kuma aka cakuɗa masa. Lokacin atisaye, masu jere sun ci kashi 89 cikin ɗari, masu cakuɗe 60. Bayan mako guda aka yi gwaji, sai lamarin ya juye: masu cakuɗe suka ci 63, masu jere suka faɗo 20. Tambayoyin iri ɗaya ne, yawansu ma ɗaya. Jerin kawai aka sauya.

Dalilin yana fitowa fili a darasin intigireshan, wanda kowane ɗalibin injiniya ke haɗuwa da shi tun farkon karatu. Ga tambayoyi biyu masu kama da juna:

```
(a) ∫ x·e^(x²) dx
(b) ∫ x·e^x dx
```

Ta farko hanyar musanya take so. A sa `u = x²`, sai `du = 2x dx`, wato `x` ɗin da ke gaba ya sami wurin shiga, amsa ta fito `½e^(x²) + C`. Ta biyu ba ta da wannan ƙofa, sai an raba ta gida biyu an bi ƙa'idar `∫u dv = uv − ∫v du`, a sami `x·e^x − e^x + C`. Ɗalibin da ya kwana yana rabawa gida biyu zai afka wa ta farko da wannan hanyar, ya ɗauki `dv = e^(x²) dx`, ya maƙale, domin wannan ɓangaren ba ya warwaruwa da ƙa'idojin da aka saba. Hannunsa ya iya aikin. Abin da bai taɓa gwadawa ba shi ne duban tambaya ya zaɓi hanyar da ta dace da ita, saboda kullum kan babi ne ke zaɓar masa.

To, yaya malami zai tsara takardar? Ranar da aka koyar da sabuwar hanya, a bar ɗalibi ya yi uku ko huɗu a jere tukuna, don wanda bai san matakan ba, cakuɗe ruɗa shi kawai zai yi. Daga nan, a takardar mako mai tambaya goma sha biyu, misali, huɗu su zo daga darasin makon, takwas daga makonnin baya. Kada biyu masu hanya ɗaya su biyo juna, kuma a cire duk wani kan magana da ke tona asirin hanyar.

Inda gwanintar malami take shi ne zaɓen abin da zai haɗa. Zuba tambayar matiris kusa da ta ƙididdiga yana taimaka wa tuni, amma ba mai rikita su, don haka ba wani zaɓi da ɗalibi zai yi. Waɗanda ake so su ne masu kama a ido, masu bambancin hanya, irin (a) da (b). Yana da kyau kuma a nemi ɗalibi ya rubuta layi ɗaya kafin ya fara: wace hanya zai bi, kuma me ya gani a tambayar da ya sa shi zaɓenta. Wannan layin ne ke nuna wa mai maki inda cutar take. Idan an zaɓi hanya daidai aka kasa ƙarasawa, ɗalibin na bukatar komawa atisayen jere na ɗan lokaci. Idan kuwa tun daga zaɓin aka kauce, ƙarin cakuɗe ne maganinsa.

Tsarin ba ya rasa tsada. Aiki kan yi nawa, makin atisaye kan sauka, ɗalibai kuma kan yi ƙorafin cewa malam ya hargitsa musu darasi. Gara a faɗa musu tun ranar farko cewa haka za a gani, kuma kada a ɗora maki mai nauyi a kan waɗannan takardu. Dole kuma cikakkiyar warwara ta biyo kowace takarda da wuri, har da bayanin dalilin zaɓen hanya, in ba haka ba ɗalibi zai shafe mako yana maimaita kuskure guda bai sani ba. A ajin da ɗalibai suka yi ɗaruruwa, malami na iya raba warwarar a darasi na gaba, kowa ya duba takardar maƙwabcinsa.